Yadda ake tsara takardar atisaye kan kusurwoyi a layukan faralel, daga mai sauƙi zuwa matakin jarrabawa

Yawancin takardun atisayen da ake raba wa ɗalibai kan wannan darasi tambaya ɗaya ce aka maimaita sau ashirin, lambobi kawai ake sauyawa. Yaro zai cinye duka, malam ya ji daɗi, amma ran da ya ci karo da zanen WAEC ko NECO mai lanƙwasa a tsakiya sai ya tsaya cak. Wahalar wannan darasi tana cikin abin da ido zai gano a zane, girman lamba ba ya ƙara mata komai. Don haka takardar da za ta yi aiki ita ce wadda kowane mataki nata yake ƙara sabon abu guda ɗaya tak a kan na baya. Ga yadda za ka gina ta, da tambayoyin da za ka iya ɗauka kai tsaye, da amsoshinsu.

Mataki na farko: kafa zane guda da za a riƙa komawa gare shi

Layukan faralel su ne layuka biyu miƙaƙƙu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazararsu ba ta sauyawa, ba sa haɗuwa komai tsawonsu. Ka ɗora rula a kan takarda ka ja layi ta gefenta na sama da na ƙasa ba tare da ka motsa ta ba, ka samu layukanka. Kira na sama AB, na ƙasa CD, A da C a hagu, B da D a dama. Sai ka ja layi na uku, EF, wanda zai ratsa su a karkace, daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Inda ya yanki AB ka sa P, inda ya yanki CD ka sa Q.

Kusurwoyi takwas ne suka fito. A wurin P, ta saman hagu ita ce 1, ta saman dama 2, ta ƙasan hagu 3, ta ƙasan dama 4. A wurin Q ka bi tsarin nan: 5, 6, 7, 8.

```
            E
         1 / 2
A --->----P------ B
       3 / 4
      5 / 6
C --->-Q--------- D
    7 / 8
     F
```

Kada ka manta da kan kibiya a kan AB da CD, domin ita ce shaidar cewa layukan faralel ne. Idan hoton takarda za ka yi, ka kaurara kibiyoyin da baƙin biro, saboda su ne suke fara ɓacewa idan tawadar inji ta yi rauni.

A saman takardar ka rubuta ƙa'idoji biyar a taƙaice. Kusurwoyin da ke kan miƙaƙƙen layi jimillarsu 180°. Masu fuskantar juna a mahaɗa, siffar X, daidai suke. Masu matsayi ɗaya a P da Q, siffar F, daidai suke, kamar 2 da 6. Na siffar Z, waɗanda ke ciki amma a gefe daban na layin da ya ratsa, daidai suke, kamar 3 da 6. Na siffar C, waɗanda ke ciki kuma a gefe ɗaya, jimillarsu 180°, kamar 4 da 6. Biyun farko suna aiki a ko'ina, ukun ƙarshe kuwa sai idan layukan faralel ne. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan bambancin. Haruffan F da Z da C na taimaka wa ido ne kawai. A gefen kowanne ka sa cikakken sunan da littafin lissafin ajin ya ba shi, domin shi ɗalibi zai rubuta a matsayin dalili a takardar jarrabawa.

Mataki na biyu: tambayoyin taku ɗaya

Uku ko huɗu sun isa, kada ka daɗe a nan.

1. ∠2 = 65°. Nemo ∠6, ∠3 da ∠1.
2. ∠3 = 72°. Nemo ∠6.
3. ∠4 = 118°. Nemo ∠6.

A ta farko ∠6 = 65° saboda matsayinsu ɗaya, ∠3 = 65° saboda suna fuskantar juna, ∠1 = 115° saboda suna kan miƙaƙƙen layi. Ta biyu 72°, siffar Z. Ta uku 180° − 118° = 62°, siffar C.

Tun daga nan ka raba wurin amsa gida biyu: ɗaya na lamba, ɗaya na dalili. Wannan shi ne abin da na fi dagewa a kansa a duk takardar. A zanen nan lambobi biyu ne kaɗai suke yawo, ƙarama da babba, don haka yaron da bai san komai ba zai iya dacewa da rabin amsoshi ta hanyar cinke. Dalilin da ya rubuta ne zai nuna maka ko ya gane.

Mataki na uku: taku biyu, sannan a juya zanen

4. ∠1 = 124°. Nemo ∠7.
5. ∠2 = 49°. Nemo ∠7.

Babu ƙa'ida guda a cikin biyar ɗin da ta haɗa 1 da 7 kai tsaye, dole a yada zango a hanya. A ta huɗu, ∠5 = 124° don matsayinta ɗaya da 1, sai ∠7 = 180° − 124° = 56° don 5 da 7 suna kan layin EF. A ta biyar, ∠6 = 49°, sai ∠7 = 49° don tana fuskantar 6. Wani ɗalibi zai bi ta ∠3 ya iso wuri guda; ka karɓa, ka kuma nuna wa aji hanyoyin biyu.

Tambaya ta shida ka maimaita ta huɗu da wata lamba, amma ka miƙar da layukan faralel tsaye, layin da ya ratsa ya zama shi ne kusan a kwance. Ta bakwai ka cire lambobin kusurwa ka koma haruffa uku, wato ka ce ∠BPQ = 110°, nemo ∠PQD, amsa 70°. Waɗannan sauye-sauyen biyu suna kayar da yara fiye da yadda ake zato. Wanda ya haddace Z a kwance ba ya gane ta idan ta zama N, kuma da yawa ba su san cewa harafin tsakiya ne bakin kusurwar ba. Ka sa su bi da yatsa: daga B zuwa P, daga P zuwa Q, kusurwar tana inda yatsa ya karya kwana.

Mataki na huɗu: shigar da x

8. ∠3 = (3x + 10)°, ∠6 = (5x − 30)°. Nemo x da girman ∠3.
9. ∠4 = (3x − 10)°, ∠6 = (2x + 15)°. Nemo x da girman kowacce.
10. ∠6 da ∠4 suna kan rabon 4 : 5. Nemo su.

Ta takwas siffar Z ce, don haka 3x + 10 = 5x − 30, 2x = 40, x = 20, kusurwar 70°. Ta goma kashi tara ne suke raba 180°, kowane kashi 20°, ke nan 80° da 100°.

Ta tara ita ce mai tona asiri, kuma da gangan aka zaɓi lambobinta. Hanyar daidai ita ce (3x − 10) + (2x + 15) = 180, wato 5x + 5 = 180, x = 35, kusurwoyin 95° da 85°. Amma ɗalibin da ya daidaita su kamar yadda ya yi a ta takwas zai samu 3x − 10 = 2x + 15, x = 25, kowace kusurwa 65°. Amsa ce tsaf, babu ɓurɓushi, babu abin da zai sa ya yi shakka. Duk takardar da ka ga 25 a kanta, ka san mai ita ya ɗauka duk inda aka ga faralel sai a daidaita. Maganinsa ka sa ya haɗa 65 da 65 ya gani ko sun kai 180. Kuma tunda 95° da 85° sun yi kusa da juna, zanen ba zai faɗa masa amsa ba, sai dai ƙa'ida.

Idan kana son ƙarin tambayoyi irin wannan, ka gina su daga amsa zuwa baya. Fara da zaɓen x, a ce 18. Zaɓi kusurwa, a ce 64°, abokiyarta ta siffar C ta zama 116°. Yanzu ka yi wa kowacce riga: 3 × 18 = 54, saura 10, ke nan 64 ta zama 3x + 10; 7 × 18 = 126, ya zarce da 10, ke nan 116 ta zama 7x − 10. Ka gwada: 10x = 180, x = 18. Wanda ya rubuta alamomi da ka ba tare da wannan ba, sau da yawa yakan tarar a gaban aji cewa kusurwarsa ta fito 205° ko ta faɗi ƙasa da sifili.

Wani kuskure na wannan matakin shi ne tsayawa a x. An tambayi girman kusurwa, yaro ya rubuta 20 ya wuce. A tambayoyin zaɓi ɗaya irin wannan amsar takan kasance cikin zaɓuɓɓukan ƙarya, don haka ka riƙa neman abu biyun tare a farko, daga baya ka nemi kusurwar ita kaɗai ka ga wa zai kai ƙarshe.

Mataki na biyar: alwatika tsakanin layukan

Sabon zane: AB ∥ CD, P tana kan AB, Q da R suna kan CD, Q a hagu. Haɗa P da Q, haɗa P da R.

11. ∠APQ = 52°, ∠BPR = 61°. Nemo kusurwoyi uku na alwatika PQR.
12. PQ = PR, ∠QPR = 40°. Nemo ∠APQ.

A ta 11, ∠PQR = 52° da ∠PRQ = 61°, duka ta siffar Z, sai ∠QPR = 180° − 52° − 61° = 67°. Ka ɗan tsaya a nan tare da aji, domin zanen nan shi ne hujjar cewa kusurwoyin alwatika jimillarsu 180°: ga su uku sun jeru a kan layin AB a wurin P. A ta 12, kusurwoyin gindi daidai suke, kowacce (180° − 40°) ÷ 2 = 70°, sai ∠APQ = 70°. Sabon abin da ya shigo shi ne layukan da suka ratsa sun zama biyu, dole ɗalibi ya zaɓi wanda yake magana a kai. Ka koya masa ya rufe ɗaya da yatsa ko gefen rula ya dubi ɗayan shi kaɗai.

Mataki na shida: layin da ba a zana ba

Nan ne tsanin ya fi tsawo, nan kuma ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. A duk tambayoyin baya, abin da ake bukata yana cikin zane. Daga nan ɗalibi ne zai ƙara layi da fensirinsa.

Zane: AB ∥ CD, P a kan AB, Q a kan CD, M tana tsakanin layukan ta dama da su biyun, yadda PM da QM suka yi siffar >.

13. ∠BPM = 35°, ∠DQM = 48°. Nemo ∠PMQ.

Ga yadda ake warware ta daki-daki. Babu layi guda miƙaƙƙe da ya taɓa AB da CD tare, shi ya sa babu F ko Z ko C da za a kama. Sai a ja layi mai ɗigo-ɗigo ta kan M, faralel da AB, a sa X a ƙarshensa na hagu. Layin ya raba ∠PMQ gida biyu. Gidan sama, ∠PMX, yana siffar Z da ∠BPM, don haka 35° ne. Gidan ƙasa, ∠QMX, yana siffar Z da ∠DQM, don haka 48° ne. Jimilla ∠PMQ = 35° + 48° = 83°. Idan aka nemi babbar kusurwar da ta zagaye ta bayan M, ita ce 360° − 83° = 277°.

A wannan tambaya ta farko ka zana musu layin ɗigon da kanka. A ta gaba ka rubuta ɗan hannunka-mai-sanda kawai, cewa a ja layi ta kan M. A ta uku kada ka ce komai.

14. Zane iri ɗaya, ∠APM = 140°, ∠CQM = 125°. Nemo ∠PMQ.
15. P a kan AB, Q a kan CD. Layi ya tashi daga P ya gangara dama zuwa M, ya juyo hagu zuwa N, ya sake gangarawa dama zuwa Q. ∠BPM = 30°, ∠PMN = 75°, ∠NQC = 40°. Nemo ∠MNQ.
16. M tana sama da AB, ta dama da P da Q. ∠BPM = 70°, ∠DQM = 45°. Nemo ∠PMQ.

Ta 14 tana kama wanda ya haddace cewa haɗawa ake yi: zai rubuta 265°. A nan kusurwoyin da aka bayar suna siffar C da gidajen biyu, saboda haka na sama 180° − 140° = 40°, na ƙasa 180° − 125° = 55°, jimilla 95°.

Ta 15 tana bukatar layin ɗigo biyu, ɗaya ta M, ɗaya ta N. A wurin M, gidan sama 30° ne, gidan ƙasa 75° − 30° = 45°. Wannan 45° ita ce gidan sama a wurin N ta siffar Z, gidan ƙasa kuma 40° ne daga ∠NQC. Amsa 85°.

Ta 16 ragewa ake yi. Layin QM ya ratsa AB a wani wuri, kira shi T. ∠MTP = 45° don matsayinta ɗaya da ∠DQM. A alwatika MTP, kusurwar waje a P ita ce 70°, kuma ta yi daidai da jimillar biyun ciki da ke nesa da ita, don haka ∠PMQ = 70° − 45° = 25°. Wanda ya rubuta 115° ya ɗauko dabarar ta 13 ya ɗora inda ba wurinta ba. Ni ina ganin ko da lokaci ya ƙure, kada a cire ta 14 da ta 16, domin su ne ke hana ta 13 zama wata sabuwar hadda.

Mataki na bakwai: matakin jarrabawa

A nan ba ka faɗi wace ƙa'ida ce za ta yi aiki ba, kuma ka rubuta a ƙasan zane cewa ba a zana shi bisa ma'auni ba. Da gangan ma ka ɗan karkatar da kusurwoyin, don wanda ya fito da ma'aunin kusurwa ya auna ya samu amsar da ba ita ba.

17. A zanen farko, amma babu kibiyoyi a kan AB da CD, ∠4 = 103°, ∠6 = 78°. Shin AB da CD faralel ne? Kawo dalili.
18. Mutum ya tashi daga A ya nufi B a kan 050° daga arewa, sannan daga B ya nufi C a kan 160°. Nemo ∠ABC.
19. AB ∥ CD, EF ya ratsa su a P da Q. ∠BPQ = (5x + 8)°, ∠PQD = (3x + 12)°. Layin da ya raba ∠BPQ biyu daidai da wanda ya raba ∠PQD biyu daidai sun haɗu a R. (a) Nemo x. (b) Nemo ∠PRQ. (c) Nuna cewa ∠PRQ ba za ta sauya ba ko da an sauya karkatar EF.

Ta 17 ta juya ƙa'idar baibai. Jimilla 181° ce, don haka ba faralel ba ne, duk da ido ba zai taɓa gane haka ba. Tunda ta dama sun haura 180°, layukan suna buɗewa ta can, za su haɗu ta hagu idan aka tsawaita su. Wannan tunanin tsoho ne: ƙa'ida ta biyar ta Yukilid, masanin da ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, tana cewa layukan za su haɗu ta gefen da jimillar ta gaza 180°.

Ta 18 ba a ambaci faralel a cikinta ba, amma layin arewa na A da na B faralel ne. Kusurwar da ke tsakanin arewar B da layin BA ta ɓangaren hagu tana siffar C da 50°, wato 130°. Kewayen B duka 360° ne, don haka ∠ABC = 360° − 130° − 160° = 70°. Ɗaliban babbar sakandare da suka ga wannan alaƙar sukan daina tsoron tambayoyin shiyya.

Ta 19, (5x + 8) + (3x + 12) = 180, 8x = 160, x = 20. Kusurwoyin 108° da 72°, rabinsu 54° da 36°, sai ∠PRQ = 180° − 54° − 36° = 90°. A sashe na ƙarshe a kira kusurwoyin 2a da 2b. Tunda 2a + 2b = 180, a + b = 90, abin da ya rage wa R a alwatikar shi ne 90° kullum. Ga ɗaliban ƙaramar sakandare masu shirin BECE ka tsaya a (b), ka bar (c) da ta 18 ga 'yan SS.

Mataki na takwas: gwaji, lokaci da maki

Kafin ka buga, ka warware kowace tambaya daga zanen da ke kan takardar, ba daga wanda ke kanka ba. Ka duba ko kowace kusurwa tana tsakanin 0° da 180° in ba babbar ta zagaye aka nema ba, ko alamar baka tana kan kusurwar da kake nufi, ko kuma ka ba da bayanai biyu da suka ci karo da juna. Idan a allo za ka zana su kwafa, ka zaga ka duba littattafansu kafin su fara, domin a wajen kwafa kibiyoyi suke faɗuwa, M ta koma hagu, tambayar ta zama wata daban.

Takardar ta fi ƙarfin darasi ɗaya na minti 40. Tambaya ta 1 zuwa ta 10 su ci darasi ɗaya, ta 11 zuwa ta 16 su ci na biyu, uku na ƙarshe a yi su da agogo. Takardar zaɓi ɗaya ta lissafin WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, wato ƙasa da minti biyu ga kowacce, saboda haka irin ta 13 ya kamata a kai ga gama ta cikin wannan lokacin bayan an saba.

Wajen maki, ka raba na dalili da na amsa, kamar yadda masu duba jarrabawa suke raba makin hanya da na sakamako. Ka rubuta jimillar kowane mataki daban a gefen takarda maimakon jimilla guda a ƙasa. Wanda ya faɗi a mataki na uku ya koma zanen da aka juya da haruffa uku. Wanda ya ci na uku ya faɗi a na huɗu, ka duba ko 25 ya samu ko kuwa warware x ne ya gagare shi, domin na biyun matsalar aljabara ce, kusurwa ba ta da laifi. Wanda ya kai na biyar lafiya ya tsaya a na shida, ka ba shi zane huɗu ko biyar masu lanƙwasa, babu lamba ko ɗaya a kansu, aikinsa kawai ya ja layin ɗigo a inda ya dace ya yi wa kusurwoyin da suka yi daidai alama iri ɗaya, sannan ya dawo kan ta 13.